Yadda Ake Kawar da Ziza da Gajiyar Hannu Wajen Koyon Kod ɗin Bar a Jita

Abin da makaɗan jita suke kira bar shi ne a shimfiɗa yatsan manuniya na hannun hagu a kan tsirkiyoyi biyar ko shida a lokaci guda, sauran yatsun kuma su kama siffar kod ɗin a gabansa. Duk wanda ya fara koyonsa yakan haɗu da matsaloli biyu: ziza, wato ƙarar zirrr da tsirkiya take yi idan ba ta zauna sosai a kan ƙarfenta ba, da kuma ciwon da yake kama gindin babban yatsa tun kafin a yi minti ɗaya. Yawancin masu koyo suna ƙara matsewa da zarar sun ji zizar, kuma wannan matsewar ce take gajiyar da hannu ba tare da ta gyara sautin ba. Na daɗe ina koyar da wannan riƙo, kuma a mafi yawan lokuta laifin yana wurin da aka ɗora yatsa, ko kuma a jikin jitar kanta. Bayanin da ke tafe na mai danna tsirkiya da hagu ne, bahago sai ya juya shi.

Kayan da za ka tanada

- Jitarka, da na'urar saita sauti ko manhajar waya mai yin wannan aiki.
- Rular ƙarfe mai milimita, wadda ma'auninta ya fara daga bakinta daidai.
- Kafo, wato maɗaurin da ake maƙalawa a wuyan jita don ya danne dukkan tsirkiyoyi. Idan babu, fensir da roba mai kauri za su tsaya a madadinsa na ɗan lokacin gwaji.
- Kujera marar hannu, da madubi ko kyamarar waya don ka riƙa ganin hannunka.
- Mitironom, ko wani abu mai buga lokaci daidai.

A wannan bayani tsirkiya ta 1 ita ce mafi siranta, ta 6 kuma ita ce mafi kauri. Firet shi ne siririn ƙarfen da yake gicciye a wuyan jita, kuma ana ƙirga su ne daga kan jitar zuwa cikinta.

Mataki na 1: Ka fara binciken jitar kafin ka zargi hannunka

Ka saita jitar, sannan ka tsayar da rula a kan ƙarfen firet na 12 ka auna tazarar da ke tsakanin saman ƙarfen da ƙasan tsirkiya. A jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe, abin da aka saba gani shi ne wajen milimita 2.5 a tsirkiya ta 6 da wajen milimita 2 a ta 1. Jitar lantarki takan yi ƙasa da haka, wajen milimita 2 da 1.5. Mai tsirkiyar nailan kuwa takan kai milimita 4 da 3, kuma wannan ba laifi ba ne a wurinta, domin tsirkiyarta tana da taushi. Idan jitarka ta ƙarfe ce kuma ka sami milimita 3.5 ko fiye, to ko gwani zai sha wahalar bar a kanta.

Gwaji na biyu ya fi na farko muhimmanci ga mai fama da kod ɗin F, kuma shi ne wanda aka fi mantawa. Akwai wani ɗan farin abu mai tsaga shida a ƙarshen wuyan jita, inda tsirkiyoyi suke hawa kafin su wuce zuwa maɗauransu. Idan tsagoginsa ba su yi zurfin da ya kamata ba, tsirkiyoyi za su yi tsayi a firet na 1, kuma danna su a nan zai zama aiki ja. Ka danna tsirkiya a firet na 3, ka duba tazarar da ta rage tsakaninta da ƙarfen firet na 1. Ya kamata ta kasance kamar kaurin takarda, ta yadda idan ka taɓa ta da ɗan yatsa za ka ji wani ɗan ƙas kaɗan. Idan kana hango fili sosai a wurin, abin ya yi tsayi. Za ka iya tabbatarwa da kafo: ka ɗaura shi a firet na 1, ka yi bar a firet na 2. Idan riƙon ya yi sauƙi nan take fiye da yadda yake a firet na 1 ba tare da kafo ba, ka gano inda matsalar take.

Gyaran waɗannan abubuwa aikin mai gyaran jita ne. Kada ka ɗauki zarto ka shiga zurfafa tsagogin da kanka, domin idan suka wuce gona da iri tsirkiyoyi za su riƙa ziza ko ba a danna su ba, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Haka nan sandar ƙarfen da take cikin wuyan jita, wadda ake juyawa don daidaita lanƙwasarsa, ba abin da sabon shiga zai taɓa da ka ba ne.

Idan babu mai gyara a kusa, akwai hanyoyi uku na rage wahala. Ta farko ita ce sauya tsirkiyoyi zuwa marasa nauyi. Jerin da ake rubuta wa 12-53 a jikin kwalinsa yana jan wuyan jita da nauyin da ya ɗan haura kilo 70, shi kuwa 10-47 yana wajen kilo 60, kuma yatsa yana jin wannan bambanci sarai. Ta biyu ita ce sassauta dukkan tsirkiyoyi da rabin mataki, wato sautin kowace ya sauka da tazarar firet ɗaya. Ta uku ita ce barin kafo a firet na 1 ko na 2 a duk lokacin atisaye. Ana iya haɗa ta biyu da ta uku: idan ka sassauta da rabin mataki ka ɗaura kafo a firet na 1, sautin zai koma daidai inda yake tun farko, amma dannawa za ta yi laushi.

Mataki na 2: Zama da riƙon jita

Ka zauna a bakin kujera, ka ɗaga kan jitar sama kaɗan ta yadda wuyanta ba zai kwanta daidai da ƙasa ba, balle ya sunkuya. Kada ka kwantar da fuskar jitar zuwa sama don ka leƙa yatsunka, domin hakan yana tilasta wa wuyan hannunka ya lanƙwashe sosai kafin ya zagayo. Ka yi amfani da madubi maimakon leƙe. Jitar ta tsaya da kanta tsakanin cinyarka da ƙirjinka da damtsen damanka, ta yadda idan ka janye hannun hagu gaba ɗaya ba za ta motsa ba. Hannun da yake tallabe da wuyan jita ba zai iya sakewa ya yi bar ba.

Mataki na 3: Ka fara a firet na 5, ka bar F tukuna

Littattafan koyo da yawa suna fara gabatar da bar ta kod ɗin F, alhali firet na 1 shi ne wuri mafi tauri a duk wuyan jita: tsirkiyoyi sun fi ƙin lanƙwasa a nan, firet-firet sun fi nisa da juna, kuma hannu ya fi miƙewa nesa da jiki. Siffar F ɗin nan, idan aka kai ta firet na 5, tana ba da kod ɗin A. Ga yadda ake rubuta su, daga tsirkiya ta 6 zuwa ta 1, kowace lamba tana nuna firet ɗin da za a danna:

```
A   5 7 7 6 5 5
G   3 5 5 4 3 3
F   1 3 3 2 1 1
```

A kod ɗin A, yatsan tsakiya yana kan tsirkiya ta 3 a firet na 6, yatsan zobe yana kan ta 5 a firet na 7, ƙaramin yatsa kuma yana kan ta 4 a firet na 7. Ka lura da abin da wannan yake nufi. Tsirkiyoyi uku na tsakiya duk suna da masu danna su a gaba, saboda haka aikin manuniya bai wuce tsirkiya ta 6 da ta 2 da ta 1 ba. Duk ƙarfin da ka zuba a tsakiyar yatsan asara ce. Wannan ne ya sa nake hana ɗalibaina atisayen da ake yawan ba sababbi, na shimfiɗa manuniya shi kaɗai a nemi dukkan tsirkiyoyi shida su fita tas. Abin ya fi kod ɗin kansa wuya, kuma yana koya wa hannu matsewar da ba ya bukata. Ka fara ɗora yatsu ukun nan, manuniya ya zo daga ƙarshe.

Mataki na 4: Yadda manuniya yake kwanciya

Abubuwa uku ne za ka daidaita a nan, kuma gara ka bi su ɗaya bayan ɗaya, domin idan ka sauya su a lokaci guda ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Na farko shi ne kusanci da ƙarfe. Ba yatsa ne yake tsayar da tsirkiya ba, ƙarfen firet ne, yatsa kawai yana kwantar da ita a kansa. Idan yatsan yana dab da bayan ƙarfen, ɗan ƙaramin nauyi ya isa. Idan yana tsakiyar fili ko can baya, sai an ninka nauyin kafin tsirkiyar ta zauna. Ka matsar da manuniya har gefensa ya kusa taɓa ƙarfen firet na 5, amma kada ya hau kansa, domin idan ya hau sautin zai dushe.

Na biyu shi ne mirgina yatsan. Cikin yatsa yana da tsoka mai laushi, kuma tsirkiya tana nutsewa a cikinta maimakon ta dannu. Gefen da yake fuskantar babban yatsa ya fi ƙashi da tauri. Ka shimfiɗa yatsan, sannan ka mirgina shi kaɗan zuwa wajen kan jitar. Kaɗan nake nufi, domin idan ka kwantar da shi a kan gefensa gaba ɗaya sauran yatsun za su karkace su kasa kaiwa wurarensu. Idan aka mirgina shi daidai, yatsan yakan ɗan lanƙwasa kamar baka, kuma wannan ba laifi ba ne, tun da ƙarshensa da gindinsa ne suke da aiki.

Na uku shi ne tsayin yatsan a kan wuyan jita. Ka buɗe tafin hannunka ka dubi manuniya, za ka ga layuka a wuraren da gaɓoɓi suke lanƙwasawa. Kowane layi rami ne, kuma duk tsirkiyar da ta faɗa cikinsa ba za ta dannu ba ko da ka matse har farcenka ya yi fari. Maganinsa shi ne ka tura yatsan sama ko ka ja shi ƙasa da milimita biyu ko uku har tsirkiya ta 2 da ta 1 su dace da wuri mai tauri. Wasu sai ƙarshen yatsansu ya leƙa sama da tsirkiya ta 6 sosai, wasu kuwa daidai kanta yake tsayawa. Tsarin yatsan kowa daban ne, don haka kada ka kwaikwayi hoton hannun wani.

Mataki na 5: Babban yatsa da inda ƙarfi yake fitowa

Babban yatsa ya zauna a bayan wuyan jita, wajen tsakiyarsa, yana fuskantar tsakanin manuniya da yatsan tsakiya. Ya kasance a miƙe yana taɓa katakon da tsokarsa, kada ya tanƙware yana soka da ƙarshensa. Tafin hannu kuma kada ya manne da gefen wuyan jita.

Ciwon da ake ji a gindin babban yatsa yana zuwa ne daga matse wuyan jita tsakanin yatsu biyu kamar an kama shi da filaya. Tsokar wurin ƙarama ce, ba ta jure wannan aiki. Abin da ya kamata ya ɗauki mafi yawan nauyin shi ne hannun gaba ɗaya. Ka saki kafaɗarka, ka bar gwiwar hannunka ta rataya kusa da haƙarƙarinka, sannan ka ja hannun baya kaɗan kamar mai jan aljihun tebur, yayin da damtsen dama yake riƙe cikin jitar a ƙirjinka don kada ta juya. Domin ka ji yadda abin yake, ka kama kod ɗin A, ka ɗage babban yatsa daga katakon gaba ɗaya, ka nemi sautin ya fita da wannan jan kaɗai. Zai fita, ko ya kusa. Daga nan ka mayar da babban yatsan ya zauna a matsayin mai daidaitawa. Sai dai a kula, idan jan ya yi yawa yana iya lanƙwasa wuyan jita har sauti ya kauce daga saiti, musamman a jitar lantarki mai siririn wuya.

Mataki na 6: Gano tsirkiyar da take da laifi

Kada ka kaɗa dukkan tsirkiyoyi tare ka yanke hukunci. Ka kama kod ɗin, ka kaɗa su ɗaya bayan ɗaya daga ta 6 zuwa ta 1, ka saurari irin ƙarar da kowace take yi, domin ziza da mataccen sauti ba dalilinsu ɗaya ba. Ziza tana nuna cewa tsirkiyar tana motsi amma ba ta zauna a kan ƙarfe ba, wato yatsa ya yi nisa da ƙarfen ko nauyi bai kai wurin ba. Mataccen sauti, wanda yake fita ɗif ba tare da amo ba, yana nuna cewa wani abu mai laushi yana taɓa tsirkiyar: ko ta faɗa layin gaɓa, ko yatsa ya hau kan ƙarfe, ko kuma wani yatsa na kusa ya kwanta a kanta. Wannan na ƙarshen yana yawan faruwa da tsirkiya ta 2, wadda cikin yatsan tsakiya yake gogawa idan bai tsaya a kan ƙarshensa ba. Farce mai tsawo ma yana hana yatsu tsayawa, sai a yanke shi.

Wani ɗalibina ya taɓa zuwa mini bayan ya yi wata biyu yana fama da F, yana cewa yatsunsa ne gajeru. Da muka auna jitarsa, tazarar firet na 12 ta kai milimita 3 a tsirkiya ta 6, wadda ba ta yi muni sosai ba, amma gwajin kafo ya nuna cewa tsirkiyoyin sun yi tsayi a firet na 1. Muka sassauta da rabin mataki, muka ɗaura kafo, muka koma siffar A. Tsirkiya ta 6 zuwa ta 3 suka fita tas, ta 2 ta mutu, ta 1 kuma tana ziza. Na sa ya ɗage yatsan tsakiya ya sake kaɗa ta 2, ba ta farfaɗo ba, saboda haka ba shi ne yake taɓa ta ba. Da ya janye manuniya muka duba sawun da tsirkiyoyi suka bari a fatarsa, sai ga sawun ta 2 a cikin layin gaɓa daidai. Ya tura yatsan sama da kamar milimita 3, ta 2 ta fita. Ta 1 ta ci gaba da ziza, kuma madubi ya nuna dalili: yatsan ya kwanta a karkace, ƙarshensa yana dab da ƙarfe amma gindinsa yana tsakiyar fili. Da ya ɗan matso da gwiwar hannunsa kusa da jiki, gindin yatsan ya matsa kusa da ƙarfen, zizar ta tafi. A duk wannan gyara bai ƙara ƙarfin matsewa ko kaɗan ba. Duba sawun tsirkiya a fata dabara ce da za ka iya yi kai kaɗai a kowane lokaci.

Akwai zizar da ba ta hannu ba ce. Idan ka danna tsirkiya ɗaya da yatsa ɗaya, dab da ƙarfe, da isasshen nauyi, kuma ta yi ziza a wani firet guda ban da maƙwabtansa, to wataƙila ƙarfen da ke gabansa ya taso, ko kuma shi kansa ya cinye. Wannan ma na mai gyara ne.

Mataki na 7: Atisayen da ba ya kashe hannu

Da zarar kod ɗin ya fita tas, sai ka nemi mafi ƙarancin nauyin da yake bukata. Ka riƙa kaɗawa kana sassauta hannu a hankali har ziza ta fara, sannan ka ƙara ɗan kaɗan har ta tsaya. Wannan shi ne ma'auninka, kuma yawancin mutane suna mamakin ƙanƙantarsa.

Bayan haka ka saita mitironom a bugu 60 a minti. Ka danna ka kaɗa a bugu na 1, ka riƙe zuwa na 2, ka saki nauyin a na 3 da na 4 ba tare da ka ɗage yatsun daga tsirkiyoyi ba. Ka maimaita sau takwas, ka sauke hannu ka girgiza shi na rabin minti. Sakin yana da muhimmanci kamar dannawar, domin a kiɗa na gaske makaɗi ba ya riƙe bar da ƙarfi daga farkon waƙa zuwa ƙarshe, yana samun ɗan hutu a duk sauyin kod. Minti 5 zuwa 10 na irin wannan, sau biyu a rana, ya fi awa guda a zama ɗaya, domin hannun da ya gaji yakan koma tsohuwar matsewarsa.

Idan A ta zauna, ka sauko firet na 3 ka kama G, kana sassauta nauyin kafin ka zame hannu. Daga nan ka je firet na 2, sannan F. Kada ka sauko sai kod ɗin ya fita tas sau takwas cikin goma a inda kake. Idan ka ɗage yatsan tsakiya don ka sami ƙaramin kod, wato Am a firet na 5, tsirkiya ta 3 ta koma hannun manuniya, kuma ita ce ta fi kowace faɗawa layin gaɓa, saboda haka ka shirya sake gyara tsayin yatsan. Kod ɗin Bm kuwa, wanda ake rubutawa `x 2 4 4 3 2`, inda x yake nufin tsirkiyar da ba a kaɗawa, manuniya yana da alhakin tsirkiya ta 5 da ta 1 ne kawai, ƙarshensa kuma ya taɓa ta 6 a hankali don ya kashe sautinta.

Kafin cikakken F ya samu, ba dole ne ka daina kaɗa waƙoƙin da suke bukatarsa ba. Ka yi amfani da ƙaramar siffarsa, `x x 3 2 1 1`, inda manuniya yake danne tsirkiya biyu kacal, kuma ka kaɗa tsirkiyoyi huɗu na ƙasa kawai, wato ta 4 zuwa ta 1.

Ka bambanta gajiya da rauni. Nauyin tsoka da yake wucewa bayan hutun minti ɗaya ko biyu abu ne da aka saba, haka ma zafin fatar yatsa kafin ta yi kanta. Amma ciwo mai suka a wuyan hannu ko a gaɓa, ko mutuwar yatsu, ko jin kamar ana tsira musu allura, alama ce ta ka ajiye jitar a ranar, ka kuma duba ko wuyan hannunka yana lanƙwashewa da yawa. Idan abin ya ɗauki kwanaki bai tafi ba, ko yana dawowa duk lokacin da ka ɗauki jita, ka je ka ga likita kafin ka ci gaba da atisaye.